Mai ɗaukar ma'aikata ta turo saƙo, kwantiragina bai ƙare ba: me zan amsa mata?

Ɗan Domayo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kafin gobe da safe. Shekaranjiya Litinin wata mata da ban taɓa sani ba ta turo mini saƙo a LinkedIn. Ta ce tana aiki da wani ofishin ɗaukar ma'aikata a Duwala, suna nema wa wata ƙungiyar agaji mai kula da sito da jigilar kaya a Kusiri, a fara 1 ga Yuli. Aikin irin nawa ne sak. To amma ina kan CDD, wato kwantiragi mai wa'adi, a nan Marwa har 31 ga Disamba, kuma muna tsakiyar rabon kaya, ba halin in motsa. Sai dai ba na son in rasa matar nan, don daga Janairu ba ni da tabbacin komai. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna: "Na gode Madam, amma a yanzu ba ni da sha'awa. Allah ya ba da sa'a." Ya isa haka?

Baban Kusiri:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai, ka tabbata ba 'yan damfara ba ne. Da sunan aikin ƙungiyoyi a nan Kusiri an cuci yara da yawa. Za a fara da magana mai daɗi, a ƙare da "turo kuɗin dosiye ta Orange Money". Ni shawarata ka share saƙon kawai.

Anti Rumde:
Baban Kusiri, tsoronka yana kan hanya, amma sharewa ba ita ce tantancewa ba. Aikin minti goma ne. Ɗan Domayo, buɗe shafinta ka duba abu uku. Sunan ofishin da ta ce tana wa aiki, yana da shafi nasa, kuma akwai wasu ma'aikata da suka sa shi a matsayin wurin aikinsu? Shafinta na da tarihi ko satin jiya aka buɗe shi? Sannan idan ta ba ka adireshin imel, abin da ke bayan alamar @ sunan ofishin ne ko na kyauta ne da kowa ke iya buɗewa? Wanda ya nemi kuɗi a kowane mataki, ko ya ce ka turo hoton katin ɗan ƙasa da takardun makaranta tun kafin ku yi magana, a bar shi nan. Amma rashin faɗin sunan ƙungiyar da ke neman ma'aikacin shi kaɗai ba alamar damfara ba ne. Ofisoshin nan sukan ɓoye sunan wanda ya ba su aiki a saƙon farko, don kada ka tsallake su ka tafi kai tsaye su rasa ladansu.

Yanzu ga amsarka. Kada ka tura ta haka. Ladabi akwai a ciki, amma ba gaskiya ta faɗa ba. Ka ce ba ka da sha'awa, alhali sha'awa kana da ita, lokaci ne bai yi ba. A wajen mai ɗaukar ma'aikata waɗannan biyun ba wuri ɗaya suke zuwa ba. Tana da jerin sunaye, a gaban kowane suna tana rubuta 'yar magana. Wanda ya ce ba ya so, ta rubuta "ba ya so", ba za ta sake buɗe shi ba. Wanda ya ce "sai Janairu", ta rubuta Janairu, kuma duk ranar da aka kawo mata aikin da zai fara a Janairu, da wannan kalmar za ta bincika jerin. Don haka abin da amsarka ba za ta rasa ba shi ne kwanan wata. Saura duk kwalliya ne a kansa.

Ɗan Domayo:
Na duba, Anti. Ofishin na da shafi, akwai mutane da dama a ƙarƙashinsa, ita ma ta daɗe a wurin. Ba ta nemi komai ba sai CV da lambar waya. To in ce mata kawai "sai Janairu"?

Kawu Mokolo:
Ni ban ga abin wahala ba. Ka ce mata kana so, ka tura CV, ka shiga intabiyu. In sun ɗauke ka kuma albashin ya fi naka, ka ajiye na Marwa ka tafi. In bai fi ba, ka ce ka fasa, ka ƙaru da gogewar intabiyu. Aiki ba ya jiran mutum. Wa ya ce maka a Janairu za a sake samun irinsa?

Malam na Njamena:
Kawu, a nan zan saɓa maka, kuma a kan abu biyu.

Na farko doka. CDD ba riga ba ce da ake cirewa idan an ji zafi. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992, sashe na 38, ta ce kwantiragi mai wa'adi ba ya yankewa kafin lokacinsa sai da babban laifi, ko abin da ya fi ƙarfin kowa, ko yardar ɓangarorin biyu a rubuce. Samun aikin da ya fi albashi ba ya cikin ukun nan. Wanda ya tattara ya tafi da wata shida a gaba ya buɗe ƙofar a nemi diyya a wajensa. Ko ba a kai shi ko'ina ba, sabuwar ƙungiyar za ta kira tsohuwar ta tambayi halinsa kafin ta sa hannu, kuma abin da za a fara faɗa mata shi ne ya bar sito a tsakiyar rabo.

Na biyu, shiga intabiyu don gwaji. Ka san abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren? Matar nan za ta tace mutane da yawa ta miƙa wa ƙungiyar uku ko huɗu. Sunanta ne a kan kowannensu. Idan aka zaɓi Ɗan Domayo bayan sati uku ana jarrabawa da intabiyu, sannan ya ce ai dama kwantiraginsa sai Disamba, ita ce za ta tsaya gaban wanda ya ba ta aiki ta yi bayani, kuma wataƙila na biyu a jerin ya riga ya kama wani wuri. Wanda ya ƙi tun ranar farko bai ɓata mata komai ba. Wanda ya janye a ƙarshe shi ne ba a mantawa da shi, kuma ba da alheri ba.

Kawu Mokolo:
To na ji batun doka. Amma kai da bakinka ka ce akwai yardar ɓangarorin biyu. Me zai hana ya tambayi shugabansa? Kuma me zai hana ya tambayi matar ko za a ɗaga ranar farawa?

Malam na Njamena:
Wannan tambayar taka ta biyu mai kyau ce, sai dai tana da iyaka. Idan tazarar sati uku ce zuwa shida, lallai a tambaya, don ranar farawa da ake sawa a sanarwa sau da yawa buri ne, kuma ɗaukar ma'aikaci kan ja ya wuce ta. Amma daga Yuli zuwa Janairu wata shida ne. Wanda ke neman mai sito a Kusiri a Yuli yana so ne kaya su shiga kafin ruwa ya yi ƙarfi, hanyar Mora zuwa Waza ta ƙara lalacewa, Logon ya cika. Ba zai jira Janairu ba, kuma tambayar za ta nuna kamar ba ka fahimci aikin ba. Batun shugabansa kuwa, ba a zuwa neman a sake ka sai da takardar tayin aiki a hannu. Wanda ya je da saƙon LinkedIn kawai ya tona wa kansa asiri a banza.

Anti Rumde:
Ɗan Domayo, kafin ka rubuta Janairu, ɗauko kwantiraginka ka duba abu ɗaya: wannan CDD ɗin na farko ne ko an riga an sabunta shi? Dalilin tambayar, ga ɗan ƙasa doka ta yarda a sabunta CDD sau ɗaya ne kawai a wuri ɗaya, kuma kowanne ba ya wuce shekara 2. Idan an riga an sabunta, aka kai ƙarshe, ka ci gaba da zuwa aiki, ya koma CDI, wato kwantiragi marar wa'adi. Daga nan fita sai da sanarwa. Ga wanda ya yi shekara 1 zuwa 5 a wuri, sanarwar wata 1 ce idan yana rukuni na 1 zuwa 6, wata 2 a rukuni na 7 zuwa 9, wata 3 a na 10 zuwa 12. Rukuninka yana rubuce a takardar albashi. Mutane da yawa kan ce "ina samuwa daga wata kaza" su manta da wannan, sai tayi ya zo a tarar akwai wata biyu da ba a lissafa ba.

Ɗan Domayo:
Na farko ne, na wata 12, daga Janairu. Rukuni na 7. Ana raɗe-raɗin za a sabunta idan kuɗin shirin ya zo, amma ba wanda ya faɗa a rubuce.

Anti Rumde:
Madalla, lissafinka mai sauƙi ne. Ranar 31 ga Disamba kwantiragi ya ƙare da kansa, ba wanda ke bin ka sanarwa, sai dai ladabi ya sa ka faɗa musu da wuri idan ba za ka sabunta ba. Ka ba kanka kwana kaɗan na miƙa sito, ƙidayar kaya da karɓar takardar shaidar aiki, sai ka ce tsakiyar Janairu. Ga yadda zan tsara ta, kai ka mayar da Faransanci tunda da shi ta rubuto:

"Barka da rana Madam. Na gode da kika tuntuɓe ni a kan aikin kula da sito a Kusiri. Aikin ya dace da abin da nake yi, amma ina da kwantiragi har 31 ga Disamba kuma ina so in cika shi, don haka ba zan shiga wannan neman ba. Daga 15 ga Janairu ina samuwa. Abin da nake nema shi ne kula da sito ko jigilar kaya, a Marwa, Kusiri ko Garwa. Idan ba damuwa zan sake rubuto miki a tsakiyar Oktoba da sabon CV. Ina roƙon maganar ta tsaya tsakaninmu, don wurin aikina ba su san da ita ba."

Ka lura da abin da kowane layi ke yi. Ambaton aikin da garin yana nuna ka karanta saƙonta, ba amsar da kake manna wa kowa ba ce. "Ba zan shiga wannan neman ba" a fili take, ba "zan duba" ko "bari mu gani" ba. Wannan "zan duba" ɗin da muke yi don kunya ita ta fi cutar da mutum, don za ta riƙe maka gurbi, ta sake rubutowa sau biyu, ka yi shiru, ta rubuta a gaban sunanka cewa ba ka amsa saƙo. Dalilin kuwa layi ɗaya ne, kuma dalili ne da ke ƙara maka daraja: mutumin da ya ƙi barin kwantiragi a tsakiya shi ne wanda ita ma take so ta kai wa masu ba ta aiki. Sannan alƙawarin sake tuntuɓa a hannunka yake, ba a nata ba. "Ki tuna da ni idan wani abu ya fito" ɗora mata kaya ne, kuma tana da ɗaruruwan masu faɗin haka.

Ka tura yau. Kwana biyu zuwa uku shi ne daidai. Bayan sati ɗaya ta riga ta rufe jerinta, amsarka ba ta da amfani gare ta, sai dai ta karanta ta wuce.

Malam na Njamena:
In ƙara abu ɗaya a kan saurin amsa. Idan saƙon nata InMail ne, wato ba ku haɗu a LinkedIn ba ta rubuto, adadin da take da shi a wata ƙidayayye ne, kuma ana mayar mata da wanda aka amsa cikin kwana 90, ko da amsar a'a ce. Ka ga ko ƙin da ka yi ya amfane ta. Bayan ka amsa, tura mata gayyatar haɗuwa nan take, tun sunanka na gabanta. Da zarar ta karɓa, kana iya rubuta mata kai tsaye a Oktoba, kuma idan ta bar wannan ofishin ta koma wani, kana tare da ita. Masu wannan sana'a suna yawan sauya wuri, imel ɗin ofis yana mutuwa, mutum ne ake riƙewa.

Baban Kusiri:
To CV ɗin fa? Ta nema. Ni dai ban yarda a tura ba.

Malam na Njamena:
Ni ina ganin ya tura yanzu. A na'urarsu da kalmomin cikin CV ake bincike. Wanda ba shi da CV a ciki, ko an rubuta Janairu a gaban sunansa, ba lallai ya fito ba idan abokin aikinta ne ya yi binciken ba ita ba.

Anti Rumde:
Malam, a nan ba mu haɗu ba. Haɗarin da nake gani shi ne CV ya yi tafiya ba da sanin mai shi ba. Wasu ofisoshin, ba duka ba, suna cusa CV mai kyau cikin waɗanda za su nuna wa ƙungiya don jerin ya yi kauri, ko mai shi ya ce ba ya ciki. Arewa kuma ƙarama ce. Masu kula da ma'aikata na ƙungiyoyin Marwa, Mora, Mokolo da Kusiri sun san juna, suna haɗuwa a taro. Ranar da shugaban Ɗan Domayo ya ji daga bakin wani cewa CV ɗin yaronsa na yawo, a watan da ake shawarar wa za a sabunta wa kwantiragi, ka san yadda za ta kasance. Akwai kuma matsala ta biyu: idan ofishin ya riga ya miƙa sunanka wa wata ƙungiya, daga baya kai ma ka nema kai tsaye, sai a shiga jayayyar ta hannun wa ka zo, wani lokaci a ajiye ka gefe don a huta. Kuma CV ɗin Yuni zai tsufa kafin Janairu, rabon da yake yi yanzu ba ya ciki.

Malam na Njamena:
Duk wannan layi ɗaya ke maganinsa: "Ga CV ɗina don ajiya kawai, kada a miƙa shi ko'ina sai an tambaye ni." Ofishin kirki zai kiyaye.

Anti Rumde:
Na kirki zai kiyaye, amma yau ne ya fara jin sunansu. Shafinsa na LinkedIn na nan a buɗe, ya ishe ta gani har Oktoba. Ɗan Domayo, zaɓi naka ne. Idan ka bi ta Malam, ka sa wannan layin nasa, ka cire sunaye da lambobin waɗanda za su yi maka shaida daga CV ɗin, don kada a kira shugabanka. Ka tura shi PDF, sunanka da wata da shekara a sunan fayil ɗin. Ko ta wace ka bi, kada ka yi amfani da imel ko wayar ofis.

'Yar Ngaundere:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da nawa, don kusan iri ɗaya ne. Ni akawu ce, ina kan CDI, an rubuto mini a WhatsApp a kan wani aiki a Garwa. Ina da juna biyu, wata shida. In faɗa masa dalilin ko in yi shiru? Ina tsoron in na faɗa ya goge ni gaba ɗaya.

Anti Rumde:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ba ya bin ki bayanin dalili. "Ina da wasu alƙawura da suka riƙe ni har wata kaza" ya isa, kuma gaskiya ne. Abin da za ki yi da kyau shi ne lissafin watan. Hutun haihuwa a Kamaru sati 14 ne, yana farawa sati 4 kafin ranar da likita ya ƙiyasta, saura sati 10 bayanta. Ko da CDI ne, doka ta yarda mai juna biyu, da uwa har wata 15 bayan haihuwa, ta bar aiki ba tare da sanarwa ba, don haka sai ki ƙara abin da kike ganin jikinki da jaririn za su buƙata kafin ƙaura zuwa wani gari. Watan da ya fito shi za ki ba shi. Gara ki faɗi wata mai nisa ki zo da wuri da ki faɗi na kusa ki ɗaga. Tunda a WhatsApp ne, ki tambaye shi inda ya samu lambarki, da ladabi, kuma ki nemi imel ɗinsa na ofis. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Ki amsa a rubuce, ba da saƙon murya ba, don rubutu ne zai iya bincikawa bayan wata takwas.

Kawu Mokolo:
Ni ina ganin faɗin gaskiya ya fi. Haihuwa ba abin kunya ba ce. In ya ji daga baya zai ce ta ɓoye masa.

'Yar Ngaundere:
Kawu, ba kunya ba ce. Ko dangin mijina ba duka suka sani ba, sai in faɗa wa baƙon da ban taɓa gani ba? Kuma ba neman aikin nake ba balle a ce na ɓoye wani abu. Zan bi ta Anti.

Ɗan Domayo:
Akwai abin da na manta. A ƙarshen saƙon ta tambayi nawa nake karɓa yanzu, kuma ko na san wani da zai dace idan ni ba zan iya ba. Akwai abokina da muka yi aiki tare a Mora, kwantiraginsa ya ƙare tun Afrilu, yana zaune. In ba ta lambarsa?

Malam na Njamena:
Wannan ita ce babbar damarka a duk saƙon, ta fi godiya da duk wani ladabi. Matar nan matsalarta ɗaya ce a yau: gurbi a Kusiri da dole ta cike kafin Yuli, tana zaune a Duwala, ba ta san mutanen arewa ba. Wanda ya kawo mata mutumin da ya dace ya zama wanda take ɗaukar wayarsa. Amma da tsari. Kira abokin naka tukuna, ka faɗa masa aikin, garin da ranar farawa, ka ji ko yana so kuma zai iya zama a Kusiri. In ya yarda, sai ka rubuta mata sunansa da layi biyu a kan abin da ka gani da idonka: ya riƙe sito mai girman kaza, ya iya ƙidayar wata-wata, yana jin Larabcin Shuwa idan yana ji, don a can yana da amfani ƙwarai. Mutum ɗaya, ko biyu in ya yi yawa. Kada ka watsa saƙonta a zauruka, ta wayi gari da kira hamsin daga waɗanda ba su taɓa shiga sito ba, kowa na cewa kai ka turo shi. Kuma kada ka ba da wanda ba za ka iya tsaya masa ba saboda zumunci kawai. In ya ba da kunya, da sunanka za a tuna.

Albashi kuwa, ni ba na ba da shawarar faɗin abin da kake karɓa yanzu. A ce kana karɓar sefa 250,000. Ta rubuta. A Janairu aiki ya zo da aka ware wa 350,000, sai a yi maka tayin 280,000 a ce ai an ƙara maka. Lambar da ka faɗa a Yuni ta zama rufin ɗakinka. Ka ce za ku yi maganar albashi idan akwai takamaiman aiki a gaba.

Anti Rumde:
Na yarda kada ya faɗi na yanzu. Amma ina ganin amfanin ya faɗi mafi ƙarancin abin da zai karɓa, don kada ta riƙa kiransa a kan ayyukan da ba su kai ba, ya yi ta ƙi har ta gaji da shi. In zai faɗa, ya bayyana ko kafin a cire haraji da CNPS yake nufi ko abin da ke shiga hannu, don a nan ake yawan samun saɓani. Ya kuma tuna Kusiri ba Marwa ba ce, ga haya ga iyali a wani gari.

Malam na Njamena:
A Oktoba zai iya faɗin wannan, Hajiya. A saƙon ƙin aiki bai kamata a ga farashi ba, sai ya zama kamar ciniki yake, in an ƙara zai zo.

Anti Rumde:
To a bar shi Oktoba, ban ƙi ba.

Baban Kusiri:
Me ya sa Oktoba? In Janairu yake so, ba Disamba ya kamata ba?

Anti Rumde:
Disamba ya makara. Daga sanarwa zuwa sa hannu, da jarrabawa a rubuce da intabiyu da kiran masu shaida, a ƙungiyoyi yakan ci wata ɗaya da rabi zuwa biyu, ga hutun ƙarshen shekara da ofisoshi ke yin sanyi. Aikin da zai fara a Janairu a Oktoba da Nuwamba ake nemansa. Ka ƙirga sati goma zuwa sha uku baya daga ranar da kake samuwa, nan ne ranar rubutawa. Ɗan Domayo, sa tunatarwa a wayarka yanzu, 15 ga Oktoba, da sunanta da sunan ofishin da abin da ka yi alƙawari. A ranar ka amsa a ƙarƙashin tsohon saƙon, kada ka buɗe sabo, don ta ga tarihin ba sai ta tuno ba. Layi huɗu: kin tuntuɓe ni a Yuni a kan aikin Kusiri, na ce zan dawo a Oktoba, ina nan a kan 15 ga Janairu, ga CV da abin da ya ƙaru. Abin da ya ƙarun ya zama na gaske, kamar yawan tan ɗin da ka raba ko sito nawa ka riƙe. In ta yi shiru, sake taɓawa sau ɗaya bayan sati biyu, daga nan ka bari. Tsakanin yanzu da lokacin ba sai ka riƙa aika mata barka da Juma'a da hotunan fure ba.

Idan kuma aka sabunta maka a Marwa kafin nan kuma ka karɓa, ka rubuta mata duk da haka a ranar da ka ce, ka ba ta sabon watan. Alƙawarin da ka ɗauka na rubutowa ne, ba na samuwa ba.

Malam na Njamena:
Abu na ƙarshe daga gare ni. Kada ka kunna Open to work ta yadda kowa zai gani, koren zoben nan a hotonka shugabanka ma zai gan shi. Akwai zaɓin masu ɗaukar ma'aikata kawai, shi za ka ɗauka, ko da yake shi ma LinkedIn ba ta ba da cikakken tabbacin ɓoyewa. Kuma idan za ka sa Njamena cikin garuruwan da kake so, ka sani gada ɗaya ce tsakaninta da Kusiri amma ƙasa ce daban, baƙo sai da izinin aiki ta hannun ONAPE, ofishin samar da aiki na Chadi, kuma ba kowace ƙungiya ke son ɗaukar wannan ɗawainiya a kan mai sito ba. Ka tambaye ta tun da wuri ko tana da irin waɗannan.

Ɗan Domayo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira abokina, ya ce yana so, har ya turo CV. Na tura mata amsar kamar yadda Anti ta tsara, na ƙara sunansa da layi biyu, ban faɗi albashi ba, na aika gayyata. Nawa CV ɗin na riƙe shi tukuna. Njamena ban sa ba.

Kawu Mokolo:
Allah ya sa a dace. Amma ni har yanzu ina ganin da ka nemi ku yi magana a waya ko minti goma ne, ta ji muryarka. Rubutu ba ya zama a rai kamar murya.

Anti Rumde:
In ita ta nema, ya amsa, ya maimaita mata tun a farkon kiran cewa ba ya cikin wannan neman. Amma shi ya nemi lokacinta a satin da take fama da cike gurbi, ina ganin ya bari sai Oktoba.

Ɗan Domayo:
Ta karɓi gayyatar yanzun nan. Ta ce ta gode, za ta kira abokin nawa gobe, kuma ta sake tambayar CV ɗina don ajiya. Malam, turo mini layin nan naka daidai yadda zan sa shi da Faransanci, in kwana a kai in gani.